Takardar Neman Hutun Kwana Bakwai Domin Bikin Ƙanwata

Litinin, 10 ga Nuwamba, 2025

Zuwa ga Manajan Kula da Ma'aikata,
Ta hannun Shugaban Sashen Sito.

Ranka ya daɗe,

NEMAN IZININ HUTU DAGA TALATA 9 ZUWA LARABA 17 GA DISAMBA, 2025

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman a ba ni hutu na kwanakin aiki bakwai, daga Talata 9 ga Disamba zuwa Laraba 17 ga Disamba, domin in halarci bikin ƙanwata da za a ɗaura wa aure ranar Asabar 13 ga watan. Idan Allah ya yarda, zan dawo bakin aiki da safiyar Alhamis 18 ga Disamba.

Na san ƙa'idar kamfani kwana uku ta ware wa ma'aikaci idan sha'anin iyali ya taso, biki ne ko rasuwa. Ban manta ba. Abin da ya sa nake roƙon ƙari shi ne nisan wurin, domin kwana ukun nan a kan hanya za su ƙare tun ban ga fuskar amarya ba. Garin da za a yi bikin ya kai kilomita 900 daga nan, kuma babu motar da ke zuwa can kai tsaye. Sai mutum ya tashi da asuba, ya wuni a mota awa goma sha ɗaya ko fiye, ya sauka a babban garin da ke kusa, ya kwana. Washegari ya nemi ƙaramar mota, wadda ba ta tashi sai ta cika, sannan a yi awa huɗu a hanyar da rabinta babu kwalta. Tafiyar dare kuwa ba na yin ta, balle wannan karon da zan tafi da matata da yara biyu, ƙaramin bai cika shekara uku ba. Kwana biyu ke nan zuwa, kwana biyu dawowa.

Ga yadda kwanakin za su kasance. Talata 9 da Laraba 10 muna hanya. Alhamis 11 da Juma'a 12 na shirye-shirye ne. Asabar ɗaurin aure, Lahadi a raka amarya gidanta, waɗannan biyun dama ba ranakun aiki ba ne. Litinin 15 zan tsaya in sallami waɗanda muka yi hayar kujeru da rumfa a wurinsu, in biya duk wanda ke bin mu, in ga baƙin da suka zo daga nesa sun kama hanya. Talata 16 da Laraba 17 sai mu juyo.

Wataƙila a ce me zai hana in isa ranar Juma'a kawai, in juyo Lahadi, kamar yadda sauran 'yan gayya za su yi. Da ɗan gayya ne ni, da haka zan yi. Mahaifinmu ya rasu shekara shida da suka wuce, ni ne babba a ɗakinmu, kuma yarinyar nan a hannuna ta tashi, ni na biya mata kuɗin makaranta har ta gama. Mahaifiyarmu ta manyanta, ga ciwon ƙafa, ba ta iya zirga-zirga. Ƙanena ɗaya namiji yana can, yana iya ƙoƙarinsa, amma duk abin da ya taso sai ya bugo mini waya, "Yaya, sun ce sai ka zo." Dangin ango ni suke jira mu zauna mu ƙarasa magana, kuma irin wannan zama ba a yin sa a waya, ba a kuma aika yaro.

Akwai wani dalili kuma, wanda Yallaɓai zai iya tunawa da shi. Bara, da kawuna ya rasu a can garin da za a yi bikin, kwana ukun na karɓa na tafi, ina ganin zan iya matse tafiyar. A dawowa mota ta lalace mana a daji, muka kwana a gefen hanya, wayata babu caji babu sabis. Na iso da makarar kwana biyu, na tarar da takardar tuhuma a kan teburina. Ban ga laifin kowa ba, ni ne na yi alkawarin ranar da ban iya cikawa ba. Ba na so in sake. Na gwammace in faɗi gaskiyar kwanakin tun yanzu, wata guda kafin lokaci, a shirya da sanin ba na nan, da in ce kwana uku sannan a yi ta nemana a waya.

Game da lissafin hutun, ina roƙon a ɗauki kwana uku daga na sha'anin iyali, sauran huɗun, wato na tafiya, a cire su daga hutuna na shekara. Kwana tara suka rage mini a bana, idan aka cire huɗu saura biyar. Idan kuma ƙa'ida ba ta yarda a haɗa hutun biyu a jere ba, na amince a lissafa huɗun a matsayin hutun da ba albashi.

Aikin sito ba zai tsaya ba. Na yi magana da Malama Hajara, ta yarda za ta riƙe mini, kuma shugaban sashenmu ya san da maganar. Ita ta riƙe siton lokacin hutuna na watan Afrilu, ta san kan littafin shigar kaya da fitarsu. Ranar Litinin 8 ga Disamba za mu zagaya tare, mu ƙirga abin da ke ƙasa, mu sa hannu mu biyu, sannan in miƙa mata makullai a gaban shugaban sashe. Motar kaya ɗaya ake sa ran za ta iso a cikin kwanakin, ranar Alhamis 11, zan bar mata takardun odar da wurin da za a jera kayan. Rahoton watan Nuwamba zan miƙa shi tun ranar Juma'a 5. Ƙidayar ƙarshen shekara kuwa sai Litinin 22 za a fara, ina nan kafin lokacin da kwanakin aiki biyu, sun ishe ni in karɓi siton in daidaita littafi.

Wayata za ta kasance a buɗe, lambar da ke cikin fayil ɗina. Sai dai sabis a can yana wasa, da rana yakan ɗauke gaba ɗaya, da daddare ya dawo. Idan an kira ba a same ni ba, a turo saƙon tes, zan kira da zarar ya shigo. A ranakun da muke hanya kuwa, Malama Hajara ce za ta fi saurin ba da amsa.

Na haɗa katin gayyatar da fom ɗin neman hutu, na cike shi, shugaban sashe ya sa hannu. Ina roƙon in sami amsa kafin Juma'a 21 ga Nuwamba, domin in kama mana kujeru a mota tun ba su ƙare ba, saboda cunkoson matafiya na ƙarshen shekara, in kuma sanar da gida ranar da za su gan mu. Katin kuma gayyata ce ga Yallaɓai da duk abokan aiki, ko da yake na san nisan ya yi yawa. Wanda bai samu zuwa ba, addu'arsa ta wadatar.

Na gode ƙwarai. Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Nasiru Ado
Mai kula da sito, Sashen Sito