Neman gurbin Mai Kula da Girke Sola, shiyyar Daura: ta hannun Injiniya Aminu

Daura, Litinin 3 ga Nuwamba 2025

Zuwa ga Hajiya Rabi,
Jami'ar Ɗaukar Ma'aikata, Ofishin Katsina

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kina lafiya, ya aiki ya jama'a.

Sunana Mustafa Lawal, ma'aikacin lantarki ne ni a nan Daura. Injiniya Aminu na sashenku na girke sola shi ya ba ni adireshinki, ya kuma ce ranar Alhamis 30 ga Oktoba ya miƙa miki sunana game da gurbin Mai Kula da Girke Sola mai lamba KT/ST/07. Na cike fom a shafinku ranar Juma'a da wannan adireshin imel ɗin da nake rubutowa da shi, kuma a gurbin da aka tambayi wanda ya gabatar da ni na sa sunansa. Ina roƙon a haɗa takardata da bayanin da ya bayar, kada su zauna a wuri biyu kamar na mutum biyu.

Gara in fayyace alaƙarmu tun yanzu. Aminu ba ɗan'uwana ba ne, babu kuma surukuta a tsakani. Ajinmu ɗaya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, inda muka gama HND a fannin lantarki a 2017, sannan muka yi shekara biyu a ƙarƙashin ɗan kwangila ɗaya kafin ya koma wurinku. Ya ga aikin hannuna a kan rufi da cikin ɗakin batir, a kan wannan zai iya ba da shaida. Abin da na yi bayan rabuwarmu kuwa, akwai mutum biyu da na sa a ƙarshen takardata, su za a tambaya. Ba na neman a tsallake min wani mataki saboda shi.

Tun 2019 nake girke sola a Daura, Mai'adua, Zango, Sandamu da Baure: gidaje, shaguna, ƙananan asibitoci da rijiyoyin burtsatse. Yanzu ina jagorantar yara huɗu. Sanarwarku ta ce wanda za a ɗauka zai riƙa auna buƙata, ya duba aikin masu girkewa, ya kuma rage yawan kiran gyara. A kan na ƙarshen nan nake ganin zan fi yi muku amfani, don yawancin kiran gyara a yankin nan tun ranar girkewa ake shuka shi.

Ga misalin yadda nake lissafi. Ƙaramin asibiti mai firji, fankoki da fitilu da ke cin 9kWh a yini, idan aka ɗauki awa 5.5 na rana mai ƙarfi aka cire kashi 25 cikin ɗari na asara, yana buƙatar kimanin 2.2kW, wato faifai huɗu masu 550W. A takarda ke nan. Ni shida nake sawa, saboda ƙurar hunturu da zafin bazara, wanda ke rage ƙarfin faifai da kusan kashi ɗaya cikin ɗari a duk ƙarin digiri uku sama da 25. Idan aikin dare 5kWh ne, batirin LiFePO4 guda mai 51.2V 100Ah bai isa ba: 5.12kWh yake ɗauka, kuma ban so a zuƙe fiye da kashi 80. Biyu ake sawa, ko a rage kaya. Masu batirin ruwa huɗu na 12V 220Ah su ma rabin abin da ke ciki kawai ya kamata su taɓa, in ba haka ba kafin shekara ta zagayo sun dawo da ƙorafi.

Kuskuren da na fi tararwa a aikin da ake kirana in gyara shi ne jera faifai uku a layi ɗaya a kan na'urar caji ta MPPT mai iyakar 145V. Kowane faifai yana ba da kusan 49.6V idan ba kaya a kansa, uku sun kai 149V, kuma da sanyin safiyar Disamba adadin ƙaruwa yake yi. Sai na'urar ta ƙone da hantsi, mai gida ya ce jabu aka sayar masa, alhali jerin ne bai dace ba. Na biyu waya ce. Inbata mai 5kW a kan 48V tana jan sama da 100A, amma za ki ga an haɗa ta da waya mai 10mm² maimakon 25 ko 35, bakin batir ya yi baƙi, robar ta narke. Sai kuma kawunan MC4 da aka matse da filaya ko aka haɗa na kamfani biyu daban. Nan ne wuta ke fara ci a kan rufi.

Ƙasarmu rairayi ce, don haka sandar da ake kafawa don kariyar tsawa da ɓallewar wuta ba ta kamawa da rani. Ina kafa biyu ko uku nesa da juna in haɗa su, kuma a Maris ko Afrilu nake aunawa, lokacin da ƙasa ta fi bushewa. Gishirin da wasu ke zubawa yana gyara awon na ɗan lokaci, daga baya ya cinye sandar. A rijiyar burtsatse kuma ba na barin famfo ba na'urar da ke tsayar da shi idan ruwa ya ja baya, don a bazara ne famfuna ke mutuwa. Faifai ina fuskantar da su kudu da karkata kusan digiri 13, kuma kafin in bar wuri sai na nuna wa mai gadi yadda zai wanke su da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi.

Abu ɗaya a sharuɗɗanku bai kammala a hannuna ba, wato takardar shaidar NEMSA. Na miƙa takardun nema, na sa rasit ɗin a cikin abin da na aiko. Idan dole sai an riƙe ta kafin ganawa, ina so in sani tun yanzu. Ina da lasisin tuƙi da babur nawa, kuma zama a Daura ko kai-komo zuwa Katsina ta hanyar Mashi ba zai dame ni ba.

Na liƙa fayil uku, duka PDF: takardar tarihin aikina mai shafi biyu, shaidar HND da ta NYSC da rasit ɗin NEMSA a haɗe, da hotunan ayyuka shida tare da zanen wayoyinsu. An rufe sunayen masu wuraren.

Ina da tambaya biyu, ranki ya daɗe. Tunda ranar Juma'a 14 ga Nuwamba za a rufe karɓar takardu, yaushe ake sa ran kiran waɗanda aka tantance? Kuma akwai gwajin aikin hannu, in zo da mita da kayan aikina? Zan iya zuwa ofishinku kowace rana daga Litinin zuwa Alhamis idan aka sanar da ni kwana ɗaya kafin nan. Inda nake aiki yanzu suna buƙatar sanarwar wata guda kafin in tashi. Lambar wayata tana saman takardar tarihin aikina, tana kuma kan WhatsApp.

Na sa Aminu a kwafin wannan saƙo don ya san na rubuto, amma duk abin da ya shafi neman nan ni za a tuntuɓa kai tsaye.

Na gode ƙwarai. Allah ya ƙara girma, ya taimaka.

Naki,
Mustafa Lawal
Daura, Jihar Katsina