Ƙwan Zabon Iya

Da la'asar sakaliya Malama Saratu ta yi sallama a gidan Malam Idi, jakar asibiti rataye a kafaɗa. Ta tarar da Hadiza tana ba Auwalu kokon gero da ludayi, tsararo kamar ruwa, Iya kuma tana gefe tana ɓarar gyaɗa.

Bayan gaisuwa ta ɗauki yaron ta ɗora a cinya. Watansa 14, amma bai fi ɗan wata takwas nauyi ba. Gashinsa ya yi ja, ya yi laushi. Ta zaro awon damtse ta naɗa masa a hannun hagu. Ya tsaya a kan rawaya, santimita 12.

"Iya, kin ga nan? In ya sauko ƙasa da 11.5 ya shiga ja. Tamowa ke nan mai tsanani."

"Haƙori ne, 'yar nan. Ubansa ma haka ya yi."

"Ban ƙi ta taki ba. Amma me yake ci ban da nono da koko?"

Hadiza ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yi magana a kansa gaban suruka.

Saratu ta dubi bishiyar zogalen da ta yi lif a bayan rumbu, ga zabi suna kiwo a gindinta. "Maganinsa yana cikin gidan nan. Ganyen can, da kabewa, da gyaɗar hannunki, da ƙwai ɗaya."

Iya ta ajiye ƙwarya. "Ƙwai? Yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo yake zama. Kuma da kuɗinsa muke sayen gishiri da manja ran kasuwa."

Saratu ba ta yi musu ba. "Iya, ni da ƙwai kakata ta raine ni, ga shi jakar maganin gari guda a hannuna, ba a taɓa nemana da allura ba. Nawa suke yi miki a mako?"

"Da damina? Sun fi ashirin."

"Ki ranta min uku. In mako huɗu bai canza ba, ni zan biya ki."

Ta karɓi tukunya da kanta. Ta dafa ƙwan ya nuna sosai, ta murƙushe shi, ta zuba garin busasshen zogale da tunkuza a kokon har ya yi kaurin da ba ya zuba daga cokali. Auwalu ya tofar da na farko. Na uku ya haɗiye, ya miƙo hannu.

Da ta dawo bayan mako huɗu, awon ya kai bakin kore. Yaron yana dafe da turmi yana ƙoƙarin miƙewa.

Saratu ta buɗe jaka. "Nawa ne bashina, Iya?"

Iya ta harare ta, ta ci gaba da ɓare ƙwan da ke hannunta. "Hadiza, miƙo min angon nan nawa kafin ya huce."