Rahoton Shiga da Fitar Kuɗi na Mako: Litinin 6 zuwa Asabar 11 ga Oktoba, 2025

Daga: Ofishin akanta, shagon kayan gini na Babbar Kasuwa, Sakkwato
Zuwa: Alhaji mai shago
Kwafi: Manajan sito, mai karɓar bashi
An haɗa shi daren Lahadi, 5 ga Oktoba

Ranka ya daɗe, ga lissafin makon da za mu shiga. Idan duk wanda na sa a lissafi ya biya a ranar da nake zato, mu kuma muka biya kowa a ranar da muka yi alkawari, za mu rufe ranar Asabar da ₦6,205,000. Sai dai kafin a kai Asabar akwai Laraba, kuma ranar kuɗinmu ba za su kai ba: za mu gaza da ₦200,000. Wannan giɓin ne ke buƙatar hukuncinku kafin azahar ɗin Talata.

Abin da ke hannu da safiyar Litinin

Babban asusun banki ₦6,420,000, asusun da kuɗin POS ke faɗawa ₦1,180,000, tsabar kuɗi a sef ₦650,000. Jimla ₦8,250,000. Na daidaita asusun biyu da bayanan banki na yammacin Asabar, babu cek ɗinmu da ke yawo a waje.

Makon jiya mun yi hasashen shigowar ₦15,800,000, abin da ya shigo ₦14,150,000. Cikin bambancin ₦1,650,000, miliyan ɗaya da rabi na mai ginin gidan mai ne, sauran raguwar ciniki ce ranar da aka wuni ana ruwa.

Kuɗin da muke bin mutane

Inbois 15 ne a buɗe, jimlarsu ₦24,200,000. Abin da nake sa ran gani a wannan makon ₦12,355,000 ne, wato rabi da ɗan ɗoriya.

| Wanda ake bi | Bashi | Abin da na ƙirga | Rana |
|---|---|---|---|
| Dillalin Illela, siminti buhu 300 | ₦3,060,000 | ₦3,060,000 | Litinin |
| Mai gidan bulo na Arkilla | ₦1,840,000 | ₦920,000 | Laraba |
| Kamfanin da ke gina azuzuwa a Boɗinga | ₦5,375,000 | ₦5,275,000 | Alhamis |
| Mai ginin gidan mai, hanyar Gusau | ₦4,300,000 | ₦1,500,000 | Juma'a |
| Kwamitin ginin masallaci, Mabera | ₦960,000 | ₦600,000 | Asabar |
| Ɗan kwangilar Goronyo | ₦7,200,000 | ₦0 | ba a wannan makon ba |
| Ƙananan inbois guda 9 | ₦1,465,000 | ₦1,000,000 | a warwatse |

Na Illela ba ni da haufi a kansa. Kasuwarsu na ci ranar Lahadi, shi kuma al'adarsa ce ya turo kuɗi washegari kafin la'asar, kuma yau da yamma ya kira manajan sito yana tambayar yaushe mota za ta sake zuwa, abin da mai niyyar ɓuya ba ya yi.

Kamfanin Boɗinga wa'adinsu Talata ne, amma na ajiye su Alhamis. Mutum biyu ke sa hannu a asusunsu, ɗaya yana Abuja, kuma biyan baya guda uku duk sun makara da kwana biyu. Bambancin ₦100,000 da kuka gani ba ragi muka yi musu ba. Kayan na ₦5,000,000 ne, da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari ya zama ₦5,375,000, su kuma za su cire harajin riƙo na kashi 2 cikin ɗari daga asalin kuɗin kayan su kai wa gwamnati da sunanmu. Sai mai karɓar bashi ya tabbatar ya karɓo shaidar cirewar, domin da ita za a rage mana a harajin ƙarshen shekara.

Mai gidan mai ya wuce wa'adi da kwana 23. Makon jiya alkawarin baki ya yi, wannan karon kuwa ya kawo cek na ₦1,500,000 mai ɗauke da kwanan watan Alhamis. Bankinsa daban da namu, don haka idan aka shigar da safiyar Alhamis sai Juma'a kuɗin za su zauna. Na ƙirga su, amma da zuciya biyu, shi ya sa za ku sake ganin sunansa a ƙasa.

Na Goronyo shi ne mafi nauyi, kusan kashi 30 cikin ɗari na duk bashin da muke bi, kuma yau kwana 68 da wucewar wa'adi. Amsarsa ba ta canza ba: ba a biya shi kuɗin aikin ba tukuna. Ban ce ƙarya yake yi ba, amma ba zan gina lissafin mako a kan kuɗin da shi kansa mai biyan bai san ranar zuwansu ba. Ranar Alhamis ya aiko yaronsa da takarda yana neman ƙarin rodi tan biyu, manajan sito ya ce a jira dawowarku. Shawarata kada a ɗaga masa ko sanda ɗaya sai ya ajiye aƙalla kashi ɗaya cikin uku na tsohon bashi.

Kwamitin masallaci daga abin da aka tara bayan sallar Juma'a suke biya, ba su taɓa saɓawa ba, sai dai kuɗin kan zo gutsi-gutsi. Mai gidan bulo rabi-rabi yake biya tun fil azal.

Ban da bashi, akwai cinikin hannu da hannu a shago. Na sa ₦900,000 kowace rana, Juma'a ₦500,000 saboda rufe shago don zuwa masallaci, jimla ₦5,000,000. Damina na ja da baya, masu gini sun fara leƙowa, don haka zai iya ɗara hakan, amma matsakaicin makonni huɗun da suka wuce na ɗauka. Duk abin da ake sa ran ya shigo: ₦17,355,000.

Kuɗin da ake binmu

| Wanda za a biya | Kuɗi | Rana |
|---|---|---|
| Bakanike, gyaran giyar motar kai kaya | ₦300,000 | Litinin |
| Babban dilan siminti, tirela ɗaya buhu 900 | ₦8,550,000 | Talata |
| Masu motocin haya, lodi uku | ₦480,000 | Talata |
| Dilan rodi na Kano | ₦6,400,000 | Laraba |
| Dizal na motoci da janareta | ₦385,000 | Alhamis |
| Kuɗin wutar lantarki | ₦96,000 | Alhamis |
| Mai kwanon rufi | ₦2,750,000 | Juma'a |
| Harajin albashin ma'aikata na Satumba | ₦142,000 | Juma'a |
| 'Yan dako da masu lodi | ₦210,000 | Asabar |
| Ƙananan hidimomi da cajin banki | ₦87,000 | Asabar |

Jimla ₦19,400,000. Ya ɗara abin da zai shigo da ₦2,045,000.

Biyu daga ciki ba sa motsi. Dilan siminti ba ya sakin wata tirela sai an wanke ta baya, a sito kuma buhu 340 kawai suka rage, wanda ba zai kai mu ƙarshen mako ba. Harajin albashi kuwa doka ta ce a kai wa hukumar harajin jiha zuwa ranar 10 ga watan da ke biye, kuma 10 ga wata Juma'ar nan ce, a biya da safe kafin a tafi masallaci.

Yadda kwanakin za su kasance

| Rana | Shiga | Fita | Rufewa |
|---|---|---|---|
| Litinin 6 | ₦4,160,000 | ₦300,000 | ₦12,110,000 |
| Talata 7 | ₦1,100,000 | ₦9,030,000 | ₦4,180,000 |
| Laraba 8 | ₦2,020,000 | ₦6,400,000 | gaza da ₦200,000 |
| Alhamis 9 | ₦6,375,000 | ₦481,000 | ₦5,694,000 |
| Juma'a 10 | ₦2,000,000 | ₦2,892,000 | ₦4,802,000 |
| Asabar 11 | ₦1,700,000 | ₦297,000 | ₦6,205,000 |

Kada ₦200,000 ɗin nan ya yi kama da ƙaramin abu. Lissafin ya haɗa da tsabar da ke sef da cinikin ranar Laraba gaba ɗaya har zuwa rufe shago, ya kuma ɗauka cewa mai gidan bulo ya turo nasa da wuri. Da safiyar Laraba abin da muke da shi a ko'ina ₦4,180,000 ne, ana binmu ₦6,400,000. Kun kuma kafa mana ƙa'idar kada abin da ke hannu ya sauka ƙasa da ₦2,000,000, to tsakanin inda za mu faɗa da wannan ƙa'idar akwai ₦2,200,000.

Idan abubuwa suka juya: in Boɗinga suka zarce zuwa mako mai zuwa, cek ɗin mai gidan mai kuma ya dawo, za mu rufe Asabar da gazawar ₦570,000 maimakon rarar miliyan shida. In na Illela ne ya makara, Talata za ta rufe da ₦1,120,000 kacal.

Abin da nake ba da shawara

A raba kuɗin rodi gida biyu: ₦4,000,000 ranar Laraba bayan la'asar, sauran ₦2,400,000 ranar Litinin 13 ga wata. Da haka Laraba za ta rufe da ₦2,200,000, mako kuma da ₦8,605,000, ko da Boɗinga da gidan mai duk sun saɓa za a rage da ₦1,830,000. Na zaɓi mai rodi ne saboda shekarunmu da shi ba mu taɓa wuce wa'adi ba, kuma a watan Yuni shi ya nemi mu jira shi lokacin da motarsa ta lalace a Funtuwa, muka jira. Amma maganar ba tawa ba ce. Idan ni na kira, yaransa za su ɗauka kuɗi ne suka yanke mana, idan ku kuka kira Alhajin da kanku ranar Litinin, sha'ani ne na mutunci tsakanin manya.

Ban ba da shawarar cin bashin banki ba don giɓin kwana ɗaya. Ban kuma so a taɓa kuɗin 'yan dako ko na masu motoci, domin ba su da yawa, kuma da su suke cefanen gida.

Sai mai karɓar bashi ya tafi Boɗinga da safiyar Talata da kwafin inbois da takardar shaidar sauke kaya mai sa hannun injiniyansu, kada a ce masa takarda ce ta ɓata. Ya biya ta Arkilla a hanyar dawowa.

Abin da ke tafe bayan wannan makon

Kuɗin da za a rufe da su ranar Asabar ba duka namu ba ne. Akwai harajin VAT na Satumba, ₦1,320,000 bayan cire wanda muka biya wajen sari, da za a kai wa hukumar tara haraji ta tarayya zuwa 21 ga Oktoba. Hayar sito na Kalambaina ₦1,800,000 za ta cika ranar 15 ga wata. Idan aka haɗa da ragowar kuɗin rodi, ₦5,520,000 ke nan da aka riga aka yi wa gurbi cikin ₦8,605,000, kafin a yi maganar sabuwar tirelar siminti ko albashin ƙarshen wata. Saboda haka sarin tayil da ake ta magana a kai ya dakata har sai wani abu ya fito daga Goronyo.

Ina jiran amsarku kan abu biyu: raba kuɗin rodi, da rufe wa na Goronyo sabon bashi. Da zarar kuɗin Illela sun faɗo ranar Litinin zan turo muku saƙo, in kuma ba su zo ba har magariba zan sake lissafin Talata da Laraba a daren.

Allah ya ƙara buɗi.

Akanta