Rangwamen rufe shekara: kayan ofis daga 1 zuwa 24 ga Disamba 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, shugabannin kamfanoni, akantoci da masu kula da sayen kaya da muke hulɗa da su. Da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya kuma sanyin da ya fara shigowa? Allah ya sa mu ga ƙarshen shekarar nan lafiya.

Kamar yawancinku, mu ma shekarar kuɗinmu ranar 31 ga Disamba take ƙarewa. Daga Litinin 29 zuwa Laraba 31 ga wata za mu rufe sito mu yi ƙidayar kaya, katan bayan katan, kujera bayan kujera. Gaskiyar magana, mun fi son kayan nan su kwana a ofisoshinku a kan mu kwana muna lissafa su. Shi ya sa muka yi rangwame daga Litinin 1 ga Disamba zuwa ƙarfe 4 na yammacin Laraba 24 ga Disamba, kuma ku da muka shekara muna ciniki da ku muka fara sanar wa kafin mu liƙa sanarwa a ƙofar shago.

Bari mu fara da takarda, don ita ce ta fi tafiya. A4 mai nauyin giram 80, rim ɗaya warƙa 500, katan ɗaya rim 5. Wanda ya ɗauki katan 10 zuwa 49 an rage masa kashi 8 cikin 100 a kan farashin da muka ba shi a watan Nuwamba. Daga katan 50 zuwa sama kashi 12 ne, kuma a kan kowane katan 25 akwai gyaran rim 2. Muna da mai giram 70 ma, ta fi araha, rangwamenta iri ɗaya ne. Sai dai shawararmu ita ce a bar ta wa takardun cikin gida da ake bugawa a fuska ɗaya. Duk abin da zai je banki, ko hukumar haraji, ko gaban masu binciken kuɗi, musamman idan gaba da baya za a buga, a yi shi a mai giram 80, don rubutun baya ba ya leƙowa ta cikinta.

Mun san wani zai ce me zai sa ya tara takarda a Disamba alhali aiki ya yi sauƙi. Dalilin yana cikin Janairu. Duk shekara muna ganinsa: sati na biyu na wata wayoyinmu ba sa hutawa. Masu ɗaukar ma'aikata suna haɗa bayanan harajin albashi na shekara, wanda doka ta ce a miƙa kafin 31 ga Janairu ya wuce. Odita ya zauna a ɗakin taro yana neman kwafin kowane rasit. Makarantu sun koma zango na biyu. A daidai lokacin nan ne kuma kaya suke wahalar zuwa, saboda hutun Kirsimeti da na sabuwar shekara yana tsayar da lodi daga Legas, sannan masana'antun ƙasar Sin suna tafiya nasu hutun sabuwar shekarar, wadda a wannan karon za ta faɗo 17 ga Fabrairu 2026. A bara wani akanta daga Sharaɗa ya zo mana da kansa a Keke Napep ana kiran sallar la'asar, yana neman katan 3 da fayil 40, odita na zaune yana jiransa a ofis. Fayil 15 kaɗai muka iya haɗa masa a ranar. Abin ya tsaya mana a rai, kuma ba ma so ya maimaitu a kan kowa daga cikinku.

Saboda haka bana mun shigo da fayil da yawa tun da wuri. Babban fayil mai ƙarfen ɗagawa, wanda ake jera rasitai da takardun biya a ciki, katan mai guda 50 an rage kashi 15 cikin 100, kuma za mu haɗa muku da takardar liƙawa ta gefe kyauta don a rubuta wata da shekara. Akwatunan kwali na ajiyar tsoffin takardu su ma kashi 15 ne. Ku tuna dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta a adana takardun lissafi na shekara 6, don haka na 2025 da za ku ɗaure yanzu za su daɗe tare da ku. Ɗaure su da igiya a jibge bayan kabad gara ce da ƙura ake yi wa tanadi.

Maganar tona tana buƙatar mu ɗan tsaya. Wanda muke da shi na asali ne, a cikin kwalinsa da hatiminsa: HP 85A na firintar P1102, mai buga kimanin shafi 1,600, HP 12A na LaserJet 1020 da danginta, kimanin shafi 2,000, HP 05A na P2035 da P2055, kimanin shafi 2,300, sai Canon C-EXV 33 na injin fotokwafi iR2520, da tawadar Epson 103 ta L3110 da L3250. Rangwamen kashi 7 cikin 100 ne a kan guda ɗaya, kashi 10 idan an ɗauki guda 4 ko fiye, ko da lambobinsu sun bambanta. Mun san bai kai na takarda da fayil ba. Ribar da ke cikin tona na asali ba ta da yawa, kuma ba za mu sauke farashi mu cike giɓin da jabu ba. Idan wani ya kawo muku 85A a rabin kuɗinsa ya ce na kamfani ne, ku buɗe kwalin a gabansa ku duba hatimin, ku ga ko akwai ɓurɓushin baƙar hoda a jikin ledar. Mai gyaran injinanmu ya sha buɗe firinta ya tarar hoda ta zube ta cika cikinta, takarda tana fita da baƙin layi daga sama har ƙasa, kuɗin gyara ya cinye abin da aka yi zaton an tsira da shi. Wanda yake son tona mai araha wanda ba na kamfanin firintar ba, muna da shi, za mu faɗa masa haka ƙarara, mu kuma rubuta a rasit. Kafin ku yi oda, ku ɗauki hoton lambar da ke jikin tonan da ke cikin injinku ku turo mana, don 85A da 83A suna kama a ido amma ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya.

Kujeru da tebura su ne suka fi cin wuri a sito, don haka a nan rangwamen ya fi tsoka. Kujerar zama mai juyawa, mai bayan raga, saura 36, an rage kashi 20 cikin 100. Kabad na ƙarfe mai aljihu 4, saura 14, kashi 18. Akwai tebura 6 na manaja da suka zauna a ɗakin nuni tun farkon shekara. Biyu daga ciki suna da ɗan ƙarzuwa a gefe, ɗaya kuma makullin aljihunsa sabo muka sa. Su mun rage kashi 30, amma ba ma so a saye su ta waya. Ku zo ko ku aiko wani ya gani da idonsa, ya taɓa, sannan a yi magana. Haɗa kayan a ofishinku aikinmu ne, ba a biyan komai.

Biro, ambulan, sitefila da ƙusoshinta, makin allo, littattafan rasit da sauran ƙananan kaya duk kashi 10 ne idan an ɗauka a kwali. Dayarin 2026 da kalandar tebur sun iso. Wanda yake son a buga sunan kamfaninsa a jiki ya turo tambarinsa kafin Juma'a 12 ga Disamba, bayan nan maɗaba'a ba za ta iya yi mana alƙawari ba.

Kai kaya kyauta ne a cikin birnin Kano, har Bompai, Sharaɗa, Challawa da Dakata, ga odar da ta kai naira 250,000. Zariya, Kaduna, Katsina da Dutse motarmu tana zuwa ranakun Talata da Alhamis, kyauta ga odar naira 1,000,000 zuwa sama. Ƙasa da haka sai mu raba kuɗin mota. Idan ba ku da wurin ajiya, ku biya mu ware muku kayanku da sunanku a jiki, mu riƙa kawowa kaɗan-kaɗan har ƙarshen Fabrairu, ba kuɗin ajiya. Idan kuma wurinku za a ajiye, a ɗora katan a kan katako, kar a kwantar da shi a siminti, kuma kar a yage ledar rim sai an tashi amfani da shi. A hunturu takarda tana bushewa ta manne da juna, injin ya ja biyu-biyu ya maƙale. A riƙe rim a kaɗa gefensa kamar ana ƙirga kuɗi kafin a zuba a tire, matsalar takan ragu sosai.

Akwai abin da gara mu faɗa tun yanzu, don yana tasowa duk ƙarshen shekara. Mun fahimci cewa wasu ofisoshin suna da ragowar kasafi da suke son kashewa kafin a rufe littafi, kuma a shirye muke mu fitar da takardar farashi a ranar da aka nema don LPO ya fita da wuri. Amma kwanan watan da aka yi ciniki shi za mu rubuta a rasit. Ba ma mayar da kwanan wata baya, ba ma rubuta kayan da ba a saya ba, ba ma ƙara adadi a takarda. Kayan da aka biya aka bari a ajiyarmu ma za mu rubuta haka a jikin rasit, tare da takardar kai kaya ta kowane zuwa. Wannan kariya ce gare ku ranar da odita ya tambaya, kariya ce kuma gare mu. Dukkan rangwamen a kan farashi ne kafin harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, wanda zai fito a layinsa daban tare da lambar TIN ɗinmu.

Masu asusun bashi na kwana 30 suna cikin rangwamen, muddin sun share abin da ke kansu na Oktoba zuwa baya. Wanda ya biya ragowar bashinsa gaba ɗaya kafin 19 ga Disamba za mu ƙara masa kashi 2 cikin 100 a kan sabuwar odarsa. Mun haɗa bayanin asusun kowa da wannan saƙo; don Allah akantanku ya gwada shi da nasa littafin, idan ya ga saɓani ya sanar da mu a warware kafin mu shiga ƙidaya.

Yin oda ba wuya: ku amsa wannan saƙon da jerin abin da kuke so da adadinsa, ko ku kira wakilinmu da ya saba zuwa wurinku. Shago yana buɗe daga 8 na safe zuwa 5 na yamma, Litinin zuwa Asabar, ban da lokacin sallar Juma'a, daga 12:30 zuwa 2:30. Kujeru, kabad da teburan nan idan sun ƙare sun ƙare, wanda ya riga biya shi ke da kaya. Za mu rufe ranakun 25 da 26 ga Disamba, sannan kwana ukun ƙidaya, mu dawo aiki Litinin 5 ga Janairu 2026 in Allah ya kai mu.

Mun gode da cinikin bana da haƙurin da kuka yi da mu lokutan da kaya suka makara. Allah ya ƙara buɗi, ya sa ku rufe littafi da riba. Ga abokan cinikinmu Kiristoci, muna yi muku barka da Kirsimeti tun yanzu.

Wassalam.

Naku,
Manajan sashen sayarwa,
a madadin dukkan ma'aikatan shago da na sito, Kano