Takardar Neman Rufe Asusu da Tura Ragowar Kuɗi

Kasuwar Hatsi ta Dawanau,
Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa,
Jihar Kano.
14 ga Yuli, 2025.

Zuwa ga Manajan Reshe,
Reshen Titin Katsina, Kano.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina neman a rufe asusuna na karant da ke reshenku, wanda lambarsa ta ƙare da 4417, mai sunan Sabi'u Garba. Da shi nake harkar riɗi da wake tun 2016. Yanzu na miƙa wa ƙanena shago, zan koma gida Malumfashi in riƙe gona, ba ni da sauran buƙatar asusu biyu. Ba wani laifi kuka yi mini ba.

Amma kada a rufe shi yau. Akwai cek na naira 640,000 da na rubuta wa mai motar da ya kai mini kaya Legas, bai kai shi banki ba tukuna, ya ce sai ya dawo daga hanya mako mai zuwa. Ba na son bawan Allah ya zo kanta a ce masa babu asusun, a kasuwa irin wannan labari ba ya kwana. Don haka a bari sai an biya shi, sannan a rufe ranar Alhamis 31 ga Yuli. Idan ranar ta zo bai bayyana ba, a kira ni a lambar wayar da ke kan asusun kafin a taɓa komai.

A safiyar yau abin da ke ciki naira 2,318,450 ne. Bayan an biya cek ɗin, an cire kuɗin kula da asusu na wannan wata da kuɗin turawa, duk abin da ya rage, har kwabo, a tura shi asusuna na ajiya da ke bankin Jaiz, mai lambar da ta ƙare da 0952. Suna ɗaya ne, BVN ɗaya ce. Cikakkun lambobin suna cikin fom ɗin da na cike na sa wa hannu.

Na haɗo da katin ATM, da littafin cek mai sauran ganye 23, da kwafin takardar NIN. Na'urar POS ta shago na riga na mayar wa ma'aikacinku ranar Juma'ar da ta wuce, ya ba ni rasit. A tsayar da saƙon alat da manhajar waya daga ranar rufewa.

Ina kuma roƙon a ba ni bayanin shiga da fitar kuɗi daga Janairu zuwa ranar ƙarshe, da takarda mai hatimi da ke nuna an rufe asusun kuma banki ba ya bin na bashi. Wannan ta biyun na fi damuwa da ita, kada bayan shekara a ce wasu 'yan caji sun taru a kaina. Zan zo da kaina in karɓa kafin in tashi.

Na gode. Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naka,
Sabi'u Garba