Buhu Huɗu

Sadiƙu ya sauke buhun a gaban sikeli, ya share gumi da gefen riga. Tun bayan sallar asuba yake zagaye lungunan Kurna da Rijiyar Lemo, daga wannan bola zuwa waccan, yanzu ga shi ana shirin kiran la'asar a Ƙofar Ruwa.

"Kilo 18," in ji yaron sikeli, bai ko kwance bakin buhun ba. "Haɗaka ce, kuɗin ƙarfe. Naira 350 kilo. Ka tashi da 6,300."

Sadiƙu ya karɓa, ya ƙirga sau biyu, ya cusa a aljihun wando. Haka yake yi kullum tun da mahaifinsa ya rasu, shekara guda ke nan, ya fara jari bola yana ɗan shekara 12. Rabi ya ba Umma na cefane, saura na sabulu da kuɗin Islamiyyar ƙanwarsa Hafsatu.

Har ya kai bakin titi ya tuna ya bar ƙugiyarsa, wadda yake tonon shara da ita. Da ya koma sai ya tarar an zazzage buhunsa a bayan rumfa. Wani dattijo na zaune kan tsohuwar taya, yana ɗaukar kayan ɗaya bayan ɗaya yana goga musu wani baƙin abu mai kama da zobe. Wanda ya manne ya jefa shi dama, wanda ya ƙi ya jefa shi hagu. Da ya zo kan kan fankar sama da Sadiƙu ya tsinto da safe, sai ya ɗauki guduma da kurfi ya fasa shi. Jar waya ta bayyana a naɗe, tana sheƙi.

"Baba, wannan fa nawa ne," in ji Sadiƙu.

"Ɗazu naka ne," dattijon ya ce. "Yanzu na Alhaji ne."

"Nawa ake sayen jar wayar?"

"Yau 8,000 kilo."

Sadiƙu ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi. Ya yi lissafi a zuci, ya sake yi, idonsa ya ciko.

"Ashe cutata ake yi!"

Dattijon, wanda ake kira Malam Tanimu, ya ajiye gudumar. "Zauna, ɗana. Ka taɓa ganin an tauye maka awo?"

"A'a."

"To ba a cuce ka ba. Mai sikeli ba zai sayi abin da bai gani ba da kuɗin jan ƙarfe. In ka kawo masa buhu a gauraye, da kuɗin mafi arha a ciki zai saya, don shi ma bai san yawan ƙasa da tsumman da ke ciki ba. Sannan ya biya ni in zauna in ware. Aikin da ka bar masa, shi nake ci."

Ya miƙo masa baƙin zoben. "Maganaɗisu ne, daga bayan tsohuwar sifika na ciro shi. Baƙin ƙarfe yake kamawa. Ba ya kama alminiyom, ba ya kama jan ƙarfe, ba ya kama gaci. Duk abin da ya ƙi shi, kada ka yarda ya shiga buhun ƙarfe. Ba zan ba ka nawa ba, da shi nake ciyar da iyalina. Bola cike take da matattun rediyo, je ka nemi naka."

Kwana uku Sadiƙu bai kai komai Ƙofar Ruwa ba. A rana ta biyu ya samu fasasshiyar sifika a bayan shagon wani mai gyaran rediyo, ya roƙa aka bar masa. Ya nemo buhu huɗu ya jera a soro. Hafsatu ta ɗauko gawayi ta rubuta wa kowanne suna: ƙarfe, alminiyom, ja, roba.

"Sadiƙu, gidan nawa za ka mayar bola?" in ji Umma. "Kuma kwana uku ban ga ko sisi ba. Garin tuwo ya kusa ƙarewa."

"Umma, ki yi haƙuri zuwa Alhamis."

Ta dube shi, ta dubi buhunan, ta koma ciki ba ta ƙara cewa komai ba.

Aikin ya fi yadda ya zata wuya. Gwangwanin madara da na tumatir sun manne wa maganaɗisun, na lemo ya ƙi, sai ya riƙa take su da ƙafa don su ci wuri kaɗan. Tsohuwar tukunya sai da ya cire mata hannu, domin ƙusoshin da suka riƙe shi na ƙarfe ne. Wayar wuta ce ta fi ba shi wahala. Ya ga manyan yara suna tara ta su cinna mata wuta don robar ta narke, shi ma ya tara tasa a tsakar gida ya ɗauko ashana. Baƙin hayaƙin farko da ya tashi ya sa Hafsatu tari har da hawaye. Umma ta fito da buta ta kashe wutar.

"Ba a gidan nan ba. In kuɗin sai an shaƙi wannan, mun yafe."

Sai ya koma fere wayar da reza, taƙi bayan taƙi, har bayan isha'i. Ya yanke a yatsa sau biyu. Umma ce ta ɗaure masa, washegari kuma ta ciro masa tsohuwar safar hannun mahaifinsa daga ƙasan akwati.

Ranar Alhamis ya ari baro ya tura buhunansa zuwa Ƙofar Ruwa. Kafin ya isa sikeli, Malam Tanimu ya yafito shi, ya buɗe ƙaramin buhun. Ya ware wayar da aka fere gefe guda yana gyaɗa kai. Sannan ya ɗauki wani naɗi da Sadiƙu ya ciro daga injin wata fanka, wanda ya fi kowanne girma, wanda ya kwana yana lissafin kuɗinsa. Ya auna shi a tafin hannu, ya kankare shi da wuƙa. Ƙarƙashin jan sai ga fari.

"Alminiyom ne aka shafa wa launi. Yawancin fankokin yanzu haka suke. Ba ka ji ba shi da nauyi ba? Da ka kai wannan a matsayin ja, da yaron can ya daina yarda da buhunka har abada."

Sadiƙu ya haɗiye yawu, ya ɗauke naɗin da hannunsa ya jefa a buhun alminiyom.

Wannan karon sai da yaron sikeli ya kwance kowane buhu ya leƙa. Ƙarfe kilo 15, naira 5,250. Alminiyom kilo 2 a kan 1,500, naira 3,000. Jan ƙarfe rabin kilo, naira 4,000.

"12,250," ya ce, yana kallon Sadiƙu sama da ƙasa. "Wa ya koya maka?"

Sadiƙu bai amsa ba. Nauyin bai ma kai na ranar nan ba, kuɗin kuwa ya kusa ninkawa. Ya ware 500 ya nufi bayan rumfa ya durƙusa.

"Baba, ga wannan a sayi goro."

"Mayar da kuɗinka, kai wa mahaifiyarka." Malam Tanimu ya nuna buhu na huɗu da haɓa. "Wancan fa?"

"Roba ce. Sun ce nan ba sa saye."

"Masu niƙa roba ne ke saye, akwai su a Sharaɗa. Amma a haka za ka kai musu, gorar ruwa da fasasshen bokiti da silifa duk a wuri ɗaya?"

Sadiƙu ya dubi buhun. "Ai maganaɗisu ba ya kama roba, Baba."

"Ba ya kamawa. Ita da ido ake ware ta, da ruwa. Ka yanka gorar ka jefa a bokitin ruwa, za ka ga jikinta ya nutse, murfin ya taso sama. Roba biyu ke nan, kuɗinsu ma biyu. Gobe Juma'a ba ma fitowa da wuri. Ka zo Asabar da hantsi, ka taho da bokiti."

"Zan zo, in Allah ya yarda."

Ya ɗora buhun robar a baro, ya biya ta wajen mai awo ya sayi kwano ɗaya na masara, sannan ya kama hanyar Kurna.