Zoɓo tsintacce daga Maigatari, tan 6 a ƙasa, ina neman izinin kawo samfur

Assalamu alaikum Alhaji, ranka ya daɗe,

Barka da war haka, ya kasuwa ya iyali, da fatan komai lafiya. Ba ka san ni ba Alhaji, adireshin nan a jikin allon sitonka na Dawanau na kwafe shi ranar Litinin da na shigo Kano, na tsaya ina kallon yaranka suna sauke zoɓo daga mota sai na ga an zazzage buhu biyu ana sake tsincewa saboda yashi da itace, to abin da ya sa na rubuto kenan, don wannan wahalar ita ce muke ɗauke wa mai saye.

Ni da ƙannena biyu muke wannan sana'ar a Maigatari, bana shekara ta huɗu kenan, kuma muna da rajistar CAC. Ba mu da girma, gaskiya, sito ɗaya ne da mata 14 masu tsinta. Kayan muna karɓa ne kai tsaye daga hannun manoma a ƙauyukan Maigatari da Sule Tankarkar da Gumel, sauran kuma mu cika a kasuwar Alhamis idan 'yan Nijar sun shigo da mai kyau. Manoman da muke hulɗa da su tun kafin girbi muke raba musu tamfol, sharaɗinmu ɗaya ne kar a shanya a ƙasa, saboda zoɓon da ya sha ƙasa ko sau nawa aka rairaye shi sai ka ji yashi a ƙasan kofi. Idan ya iso wajenmu sai a sake baza shi a rana, a rairaye, sannan mata su bi shi da hannu su cire ƙwallo da kara da duk furen da ya yi fari ko ya soma fumfuna. Wanda ka damƙa a hannu bai yi ƙaras ba, baya shiga buhu. Kuma wallahi ba ma yayyafa ruwa don ƙarin nauyi, na san an sha yi wa masu saye haka shi ya sa na faɗa tun yanzu.

Yanzu haka akwai tan 6 a ƙasa, na bana ne duka, mai duhun ja, an ɗure a sabbin buhuna kilo 25 kowanne, buhu 240 kenan. Bayan wannan za mu iya haɗa tan 3 duk sati har zuwa ƙarshen Maris insha Allahu. Fiye da haka ba zan yi maka alkawari ba don hannun matan nan iyakarsa kenan, kuma na san masu fitar da kaya zuwa Meziko idan an saɓa musu ranar lodi asara ce babba, gara in faɗi abin da zan iya cikawa.

Maganar farashi, ka fi ni sanin yadda yake motsi, don haka duk ranar Juma'a zan turo maka kuɗin kilo har da kuɗin mota zuwa ƙofar sitonka, kuma abin da na faɗa shi ne har Alhamis ta zagayo ko da kasuwa ta tashi. Lodin farko ba na neman ko sisi kafin kaya su iso, a ɗora a sikelinka, yaranka su zaɓi duk buhun da suka ga dama su farke, idan ya yi maka sai a tura kuɗi ta banki, buhun da bai yi ba in mayar da abina a kuɗin motata.

Abin da nake roƙo dai kaɗan ne, a ba ni izini in kawo samfur kilo 5 kyauta. Ranar Asabar mai zuwa zan shigo Dawanau da misalin ƙarfe 11 na safe, idan ba ka nan ka faɗa min wanda zan damƙa wa. Amsa ɗaya ta nan ta wadatar, ko "kawo" kawai ka rubuta, in kuma hotuna da bidiyon sito kake so ka fara gani sai in turo yau ɗin nan.

Na gode da lokacinka Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a kasuwa.

Naka,
Sani
Maigatari, Jihar Jigawa